Rahoton bayan Hajji mai shafi sittin: yadda za a tsara shi kowa ya samu abin da yake nema

"Assalamu alaikum Malam. Ni wakili ne na wani kamfanin jirgin yawo a nan Makka. An ce in rubuta rahoton aikin Hajjinmu, ya kai shafi sittin, ga rasidai da yarjejeniyoyi cike da jaka. Alhaji mai kamfanin yana Kano, a waya yake karatu. Akanta rasidai kawai yake so, abokin hulɗarmu na nan Larabci kaɗai yake ji, jagororin alhazai kuma darasin baɗi suke nema. Yaya zan tsara kanun magana da lambobi da rataye ba tare da na rubuta rahoto huɗu ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya karɓi aikin, ya sa ladan hidimar baƙinsa ya riske ka.

Na shafe shekaru ina aikin fassara da buga takardu a Jidda, kuma irin rahotonka ya sha ratsawa ta hannuna. Abin da na gani shi ne, cikin mutum huɗun nan babu wanda zai fara daga shafin farko ya kai na ƙarshe. Kowa zai shigo ta ƙofarsa, ya ɗauki abin da ya kawo shi, ya fita. Daga baya kuma sai su haɗu a waya ko a zaure ɗaya su yi muhawara a kan abu guda, wani riƙe da kwafin Hausa, wani da na Larabci, wani yana jan yatsa a fuskar waya. Saboda haka abin da za ka gina shi ne takardar da kowace magana a cikinta take da adireshi, kamar yadda kowane tanti a Mina yake da lambar da za a faɗa wa wanda ya ɓata. Adireshin nan shi ne lambar sakin layi, kuma kanun magana da rataye duk hidimarta suke yi.

Me ya sa lambar shafi ba ta isa ba

Lambar shafi ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan aka fassara rahotonka zuwa Larabci, tsawonsa zai canja, abin da ke shafi na 23 a Hausa ya koma na 19 ko na 26. Idan ka tura wa Alhaji fayil ɗin Word ya buɗe a waya, wayar za ta sake jera layukan yadda suka dace da fuskarta, shafukan su zama wani abu dabam. Ko a kwamfuta ma, in babu irin harafin da ka yi amfani da shi, za ta musanya da wani, shafi ya zame. Amma sakin layi na 4.2 yana nan a 4.2 a kowane kwafi, a kowane harshe.

Na koyi wannan ne da wuya. Shekarun baya na fassara wa wasu rahoto ba tare da lambobin sakin layi ba, aka zauna taro a kansa. Wani ya ce a duba shafi na goma sha biyu, inda aka yi maganar kuɗin abinci. Balaraben da ke wurin ya buɗe nasa shafin na goma sha biyu ya tarar da maganar motoci, ya shiga kare kansa a kan abin da ba a tuhume shi ba. Kafin a gane bakin zaren rai ya ɓaci, kuma laifin nawa ne, domin ni na miƙa musu takardu biyu da ba su da mahaɗa.

Akwai hanya biyu ta sa lambar. Ta farko ita ce a jera daga 1 har zuwa ƙarshe, 1, 2, 3, har 140 ko inda ya tsaya, ba ruwanta da babi. Tana da daɗin faɗi a baki, amma da ka ƙara sakin layi ɗaya a babi na biyu, duk lambobin da ke bayansa sun motsa. Ta biyu ita ce lamba mai hawa biyu: babi na 4, sakin layi na 2, wato 4.2. Ita nake ba ka shawara, domin rahoton Hajji ba mutum ɗaya ke kawo kayansa ba. Jagoran Madina zai kawo nasa a makare, akanta zai gyara wani adadi ana gobe za a tura. Da lamba mai hawa biyu, gyaran babi na 5 ba ya taɓa babi na 6. Sannan lambar kanta tana gaya wa mai karatu inda yake: da ya ji huɗu, ya san maganar masauki ce.

Ka tsaya a hawa biyu. Lamba irin 4.2.3.1 ba wanda zai iya riƙe ta a ka, kuma a fuskar waya tana cinye kusan rabin layi. In sakin layi yana da rassa, ka sa musu (a), (b), (c) a cikinsa. In ka ga babi ya wuce sakin layi ashirin, galibi babi biyu ne aka cusa wuri ɗaya, ka raba shi.

Shafi biyun farko na Alhaji ne

Bayan bango, kafin ƙumshiya ma, ka sa taƙaitawa wadda ba ta wuce shafi biyu ba. Yawancin masu rubutu suna cika wannan wuri da godiya da tarihin kamfani. Godiya tana da muhallinta, layi uku sun ishe ta. Abin da mai kamfani yake so ya sani shi ne alhazai nawa aka kawo, nawa suka koma lafiya, nawa aka kashe idan aka gwada da abin da aka ware, me ya lalace, kuma wane hukunci ake jira daga gare shi. Kowace jimla a nan ta ƙare da adireshinta, misali "duba 4.2 zuwa 4.5", domin in abin ya dame shi ya san inda zai nufa.

Hukunce-hukuncen da kake nema ka ba su lambarsu ta dabam, Shawara ta 1, Shawara ta 2, kowace da wanda zai aiwatar da ranar da ake bukatar amsa. Dalili shi ne Alhaji zai amsa maka ne da saƙon murya. In ya ce "na yarda da ta ɗaya da ta uku, ta biyu a dakata," magana ta ƙare, ba wanda zai ce bai fahimta ba.

A ƙarshen taƙaitawar ka rubuta layi uku na jagora: akanta ya fara da babi na 7 da Rataye 4 zuwa 9, abokin hulɗa ya duba babi na 4 da na 5, jagororin alhazai su karanta babi na 3 da na 8. Wasu na ganin wannan raini ne, kamar ana gaya wa babba abin da zai karanta. Ni ban taɓa ganin wanda ya ji haushinsa ba. Wanda aka nuna wa hanya godiya yake yi.

Kanun magana

Tambayar farko ita ce a kan me za a raba babi. Hannu yana saurin bin tafiyar kamar yadda ta faru: sauka a filin jirgi, Madina, Makka, Mina, Arfa, Muzdalifa, jifa, komawa gida. Wannan ya dace da jagoran alhazai, amma yana wahalar da akanta da abokin hulɗa, domin maganar abinci za ta warwatsu a wuri shida. Ni abin da nake yi shi ne babi ɗaya tak ya bi kwanaki, gajere, shafi uku ko huɗu, sauran kuma su bi aiki: masauki, abinci, sufuri, lafiya, kuɗi, darussa. Wanda ke da alhakin abinci ya samu duk abin da ya shafe shi a babi guda.

Babban kai ya zama suna kawai, Masauki, Abinci, domin a gane shi da kallo ɗaya a ƙumshiya. Ƙaramin kai kuwa ya faɗi magana. "Masaukin Aziziyya" bai gaya wa kowa komai ba. "An samu giɓin ɗaki huɗu a Aziziyya daren farko" ya riga ya ba da labari, har wanda ya karanta ƙumshiya kaɗai ya tashi da rabin rahoton. Ƙananan kanun nan ba sa bukatar lamba, tunda sakin layin da ke ƙarƙashinsu suna da tasu. In ka sa musu lamba ka koma hawa uku ke nan.

Mu gwada da misali ɗaya

Mu ɗauka cewa rahoton na Hajjin 1445 ne, kana da alhazai 180, an yi yarjejeniya da wani otal a Aziziyya a kan ɗaki 45 masu gado hurhuɗu, da aka iso sai aka ba ku 41. Ga yadda yawanci ake rubuta shi a zubin farko: dogon sakin layi guda, ya fara da gajiyar alhazai bayan tafiya daga Madina, ya gangara kan yadda manajan otal ya ƙi ɗaukar waya, ya ambaci kuɗin da aka kashe a tsakiya, ya ƙare da cewa gaskiya bai kamata a sake hulɗa da su ba. Duk gaskiya ne, amma akanta sai ya tona kafin ya ga adadi, abokin hulɗa kuma zai ji zargi kafin ya ji abin da ya faru, ya toshe kunne.

Ga shi an warware shi ƙarƙashin ƙaramin kan da na ambata:

4.2 Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta tanadi ɗaki 45 masu gado huɗu domin alhazai 180 (Rataye 2, sharaɗi na 3).

4.3 Ranar Juma'a 1 ga Zulhajji 1445 (7 ga Yuni 2024) otal ya miƙa ɗaki 41. Alhazai 16 suka rasa makwanci. Takardar karɓar ɗakuna mai sa hannun ɓangarorin biyu tana Rataye 3.

4.4 An kama ɗaki 4 a otal na maƙwabta na kwana 3, kowane ɗaki riyal 400 a kwana. Kuɗin ya kama riyal 4,800, harajin kashi 15 cikin ɗari riyal 720, jimla riyal 5,520 (Rataye 6, shafi na 2).

4.5 Otal ya ce wata tawaga ce ta jinkirta fita. Ya miƙa sauran ɗakunan ranar 4 ga Zulhajji.

4.6 A ganin wakili, ya kamata a cire riyal 5,520 daga ragowar kuɗin otal kafin a biya. Duba Shawara ta 2.

Ka lura da abin da ya faru. Kowane sakin layi magana ɗaya yake ɗauke da ita, ta yadda mutum zai iya yarda da wani ya musanta wani. Abokin hulɗarka zai iya cewa ya amince da 4.2 da 4.3, amma yana da ja a kan 4.6, kuma kun riga kun rage rigimar zuwa layi biyu. Akanta zai tafi 4.4 kai tsaye, ya buɗe Rataye 6, ya ga ko fatura ta yi daidai da 5,520. Jagoran baɗi zai ɗauki darasi daga 4.3 cewa a tura mutum ya ƙirga ɗakuna kwana ɗaya kafin motoci su taso daga Madina. An kuma ba otal hakkinsa a 4.5, an faɗi uzurinsa da bakinsa. Ra'ayinka ya zo a ƙarshe, da alamar cewa ra'ayi ne. Wannan rabuwa tsakanin abin da ya faru da abin da kake gani ita ce ke sa a amince da rahoto, musamman a wurin da kai ma kana da hannu a cikin lamarin.

Hanyar gane sakin layin da ya yi kiba mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka, in wani ya ce "ban yarda da 4.4 ba," zan san abin da yake musu a kai? In amsar ita ce sai na tambaye shi wane ɓangare, to a raba shi.

Kwanan wata kuwa, ka rubuta na Hijira da na Miladiyya tare a duk inda rana take da muhimmanci, da sunan wata a rubuce, ba lamba zalla ba. Ayyukan Hajji da kwanan Hijira ake sanin su, bankin Kano kuma da Miladiyya yake aiki. Ka faɗa sau ɗaya a farkon rahoto cewa kalandar Ummul Ƙura ka bi, domin ganin wata a Nijeriya yakan saɓa da na nan da kwana ɗaya. Haka kuɗi: ka bar komai a riyal a jikin rahoto, ka juya zuwa naira a jadawali ɗaya kawai a babin kuɗi, ka rubuta farashin canjin da ranar da aka yi shi. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, naira kuwa tana motsi, in ka warwatsa ta a shafi sittin lissafi ba zai taɓa haɗuwa ba.

Rataye

A nan ne aka fi yin ɓarna, don haka bari in daɗe. Ma'aunin abin da zai tafi rataye shi ne wannan: hujja ce da za a duba, ko magana ce da za a karanta? Yarjejeniya, fatura, jerin sunaye, hotuna, wasiƙun da aka yi musaya, duk hujja ne, su koma baya. Amma adadin da hukunci ya dogara a kansa dole ya fito a jikin rahoto. Kada ka rubuta "an kashe kuɗi masu yawa, duba rataye." Alhaji ba zai duba ba, kuma yana da gaskiya.

Wajen laƙabi, mutane sun saba da Rataye A, B, C. A rahoton harshe ɗaya ba laifi, amma naka zai shiga Larabci, kuma a can haruffa suna da jeri biyu. A jerin abjadi, wanda aka fi amfani da shi wajen lissafa abubuwa, na uku jim ne, na huɗu dal. A jerin da ake koya wa yara a makaranta na uku harafin ta ne. Mai fassara zai zaɓi ɗaya, mai karatu ya zaci ɗayan. Mu ma a Hausa bayan B akwai Ɓ, bayan D akwai Ɗ, sai wani ya tsaya yana tambaya ko an tsallake ne. Ka huta da wannan duka, ka yi amfani da lamba: Rataye 1, Rataye 2, a Larabci mulhaƙ da lambar nan dai. Kullum ka rubuta kalmar tare da lambar, kada a rikita Rataye 4 da babi na 4.

Ka jera su bisa yadda aka fara ambaton su a rahoto, kuma kowanne ya kasance an kira shi aƙalla sau ɗaya daga wani sakin layi. Ratayen da babu sakin layin da ya kira shi, ko dai ba a bukatarsa, ko ka manta wata magana. Kowanne ya fara a sabon shafi da lambarsa, da sunansa, da layi ɗaya mai cewa mene ne shi, shafi nawa ne, kuma wane sakin layi yake tallafa wa. Misali: Rataye 6, faturorin masauki, shafi 9, yana tallafa wa 4.4 da 7.3. Wannan layin yana ba akanta damar tafiya ta baya, daga rasidi zuwa labarinsa.

Rasidan kansu ka sa wa kowane shafi alama a kusurwar sama kafin ka ɗauki hotonsa, R6/1, R6/2, har ƙarshe, ko da biro ne. Takardun da ke jaka ɗaya suna rabuwa, in ɗaya ta faɗi alamar ce za ta mayar da ita gidanta. Ka kuma gaggauta ɗaukar hoton ƙananan rasidan da injin kanti ke fitarwa, domin rubutunsu yana dushewa da zafi, kuma ka san zafin motar da aka ajiye a rana a Makka. Tunda faturorin da Larabci suke, akanta kuma yana Kano, ka sa jadawali a gaban kowane rukuni: alamar shafi, kwanan wata, wanda aka biya, abin da aka saya da Hausa, adadi. Jimlar jadawalin ta zama daidai da adadin da ke jikin rahoto, har halala. In sun saɓa ko da riyal goma ne, mai bincike zai daina yarda da sauran shafukan.

Akwai ratayen da bai kamata kowa ya gani ba. Jerin alhazai da lambobin fasfo, sunayen waɗanda aka kwantar a asibiti da ciwon da ya same su, bayanin wanda ya rasu. Waɗannan amana ce. Ka ba su lamba a jerin rataye kamar sauran, ka rubuta a gabansu cewa an keɓe, suna wurin wane, amma kada ka haɗa su cikin fayil ɗin da za a tura wa kowa. Fayil in ya shiga WhatsApp ya fita daga hannunka. A jikin rahoto ka ce alhazai kaza aka kwantar, ba suna.

In rataye sun yi nauyi har sai an tura su dabam, ka sa wa fayilolin suna da sifili a gaba, domin waya ta jera su daidai, in ba haka ba wasu na'urorin sukan sa na 10 gaban na 2:

```
R01-jerin-ayyuka.pdf
R02-yarjejeniyar-otal.pdf
R10-hotuna.pdf
```

Kwafin Larabci

Ba lallai ka fassara shafi sittin ba. Taƙaitawa da babi na 4 da na 5 sun wadatar da abokin hulɗarka. Sharaɗin shi ne lambobi su zauna yadda suke. Kwafin Larabci ya tsallaka daga taƙaitawa zuwa 4.1, kada mai fassara ya mayar da shi 1.1 don yana ganin shi ne farko. Kuma kada ya haɗe sakin layi biyu ko ya raba ɗaya don daɗin salo.

Ka roƙe shi ya bar lambobin da siffar da muka saba, 4.10, ba da siffar da ake rubutawa a nan ba. A waccan siffar sifili ɗigo ne, to ka ga 4.10 ta zama ɗigo biyu da ba a san wanne ne wanne ba. Biyar tana kama da sifilinmu, shida tana kama da bakwai ɗinmu. Mutanen nan suna karanta siffofin biyu ba wahala, mutumin Kano kuwa ba lallai ba. A Word ana saita wannan a File, Options, Advanced, wurin Numeral, a zaɓi Arabic, wanda a can yake nufin lambobin da muka saba. Sannan ka raba lambar da ɗigo, kada ka sa karan ɗori. A cikin layin Larabci 4-2 takan juya ta bayyana kamar 2-4 ga mai karantawa daga hagu, 4.2 kuwa tana zama a haɗe.

Aikin kwamfuta

Kada ka buga lambobin da hannu. Na ga wanda ya yi haka, ya ƙara sakin layi ɗaya daren da za a tura, ya kwana yana gyara "duba 5.7" guda-guda, kuma duk da haka uku suka tsere masa. Ka sa wa manyan kanu salon Heading 1, ƙananan Heading 2. Ka ƙirƙiri salo na musamman domin sakin layi masu lamba, sannan a Multilevel List ka zaɓi Define New Multilevel List, ka ɗaure hawa na farko da Heading 1, hawa na biyu da salon da ka ƙirƙira, ta wurin Link level to style. Duk inda za ka ce "duba kaza," ka saka shi ta References, Cross-reference, ka zaɓi Numbered item da Paragraph number. Ƙumshiya ma daga References za ta fito da kanta. Kafin ka tura, ka danna Ctrl+A sannan F9, komai ya sabunta, ka kuma nemi kalmar Error a cikin takardar, domin in ka goge sakin layin da ake nuni zuwa gare shi, Word yakan bar wannan saƙon a wurin.

Abin da za ka tura PDF ne, ba Word ba. Wajen adanawa ka shiga Options ka kunna Create bookmarks using Headings, domin mai karatu ya iya tsalle daga babi zuwa babi. Ka tura wa wayarka ka buɗe ka gani da idonka. Jadawalin da ya wuce ginshiƙi biyar ko shida ba ya karantuwa a waya, ka rage shi ko ka mayar da cikakkensa rataye. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ka duba ba su zama akwati ba.

Da zarar rahoto ya fita, lambobinsa sun daskare. In kuskure ya bayyana, kada ka sake jera su ka tura sabon kwafi da sunan tsohon. Ka fitar da takardar gyara mai kwanan wata, ta ce a 4.4 adadi kaza ya zama kaza. In dole sai an ƙara sakin layi, ya zama 4.4a. In kuwa gyaran ya yi yawa har sai an sake fitarwa, a rubuta "fitowa ta biyu" da kwanan wata a ƙasan kowane shafi.

Inda wannan tsari yake gazawa

Lambobi suna daddatsa magana. Akwai wurin da kake bukatar ka ja zare mai tsawo, kamar bayanin dalilin da ya sa tsofaffi suka galabaita tsakanin Muzdalifa da wurin jifa, inda abu ɗaya ke haifar da wani. A irin wannan wuri ka bar sakin layin ya yi tsawonsa, ka riƙe kalmomin haɗi irin su "saboda haka" da "sai dai," kada son gajarta ya mayar da bayani tarin guntaye. Wasiƙar da za ta raka rahoton zuwa ga Alhaji, da ta'aziyya in an yi rashi, waɗannan ba a sa musu lamba, da ladabin da aka saba ake rubuta su. Takardar da ba ta wuce shafi huɗu ko biyar ba ma ba ta bukatar wannan gini duka. Kuma in wani ɓangare na rahoton zai je Hukumar Alhazai ta Ƙasa ko wata hukuma a nan, kuma sun ba da nasu fasali, nasu za ka bi, ka ajiye nawa domin na cikin gida.

Kafin ka tura, ka samu mutum biyu da ba su san aikin ba. Ka ba ɗaya wayarka ka ce ya nemo maka nawa aka kashe a kan ƙarin ɗakuna da faturar da ta tabbatar da shi. Ka ba ɗayan kwafin Larabci, ka kira masa 4.3 da baki, ka ga ko yatsansa zai sauka a kan maganar ɗaki 41. In ɗayansu ya wuce minti biyu yana lalube, ka tambaye shi inda ya fara dubawa, domin a nan ne kan magana ko nunin yake bukatar gyara.